Wa Ke Riga Wa Girma: Yadda Ake Gano Maƙura Idan Lamba Ta Tafi Babu Iyaka

A ilimin lissafi akwai tambayar da kan taso duk lokacin da aka raba wani adadi da wani, alhali dukansu biyu suna ta ƙaruwa: ina sakamakon zai dosa? Idan na sama yana girma ba tsayawa, na ƙasa ma haka, sakamakon rabawar zai iya zubewa zuwa sifili, zai iya haurawa babu iyaka, zai kuma iya natsuwa kusa da wata lamba guda. Lambar da sakamako yake ta matsowa kusa da ita, har tazarar da ke tsakaninsu ta yi ƙanƙantar da duk ake so, ita ake kira maƙura. Masana suna rubuta x → ∞ don nuna cewa x na ta girma ba tare da wani shinge ba. Alamar ∞ ba lamba ba ce da za a cusa cikin lissafi a fitar da amsa, shi ya sa rubuta ∞/∞ ba ya warware komai. Abin da ke warware tambayar shi ne sanin wanda ya fi saurin girma a cikin biyun.

Iyali uku ne suka fi yawan fitowa a irin wannan lissafi. Na farko shi ne folinomiyal, inda x ke zaune a gindi, wata lamba tsayayyiya kuma tana bisa kanta, kamar x², wato x sau x, ko x¹⁰, wato x da aka ninka da kanta har sau goma. Lambar da ke saman ita ce daraja. Na biyu shi ne esfonenshiyal, inda aka juya zaman: lamba tsayayyiya ce a gindi, x kuma ta hau sama, kamar 2ˣ. Na uku shi ne logaridim, wanda John Napier na ƙasar Sikotilan ya fito da shi a 1614. Logaridim tambaya ce da ake yi ta baya: sau nawa za a ninka gindi da kansa kafin a kai ga x? Tun da 2 sau goma a ninke yana ba da 1,024, to log₂ na 1,024 shi ne 10.

Hukuncin da ke tsakaninsu gajere ne. Idan x ta yi nisa sosai, kowane esfonenshiyal mai gindin da ya wuce 1 yana barin kowane folinomiyal a baya, kowane folinomiyal kuma yana barin logaridim a baya. Ɗalibai kan haddace wannan cikin minti biyu. Wahalar tana wajen yarda da shi, domin lambobin farko da mutum zai gwada sau da yawa suna nuna akasinsa.

Folinomiyal da ɗan'uwansa

Gara a fara da cikin gida. A ɗauki wannan rabawa:

(3x² + 5x + 7) / (2x² − x + 100)

Idan x ta zama 10, na sama 357 ne, na ƙasa 290, sakamako kusan 1.23. Idan x ta zama 1,000, na sama ya kai 3,005,007, na ƙasa 1,999,100, sakamako kusan 1.503. A dubi 3,005,007 da kyau. Miliyan ukun daga 3x² suka fito, dubu biyar daga 5x, bakwai ɗin kuma tana nan yadda take. Gaɓar da ta fi daraja ta kwashe kusan dukan nauyin, sauran sun zama 'yan rakiya.

Hanyar tabbatarwa ita ce a raba sama da ƙasa da x². Sama zai koma 3 + 5/x + 7/x², ƙasa kuma 2 − 1/x + 100/x². Duk gaɓar da x ke ƙarƙashinta tana narkewa zuwa sifili yayin da x ke girma, saura 3 a sama da 2 a ƙasa. Maƙurar ita ce 3/2, wato 1.5. Daga nan ne ƙa'idar folinomiyal ta fito: idan darajar sama da ta ƙasa ɗaya ce, a raba lambobin da ke gaban manyan gaɓoɓin, idan ta ƙasa ta fi, maƙura sifili ce, idan ta sama ta fi, sakamakon ya tafi babu iyaka. Wannan dabarar ta raba kowa da mafi girma ita ce za ta yi aiki har ƙarshe. Abin da ya rage kawai shi ne sanin wane ne mafi girma idan iyalan suka cakuɗu.

Tseren x¹⁰ da 2ˣ

Idan aka gwada x² da 2ˣ, ba a daɗe ana jira ba. Sun yi kunnen doki a 2, sun sake yi a 4, daga nan 2ˣ ya wuce: a 10 ana da 100 a gefe guda da 1,024 a ɗaya gefen, a 20 kuma 400 ne da 1,048,576. Wannan bai isa ya gamsar da mai shakka ba, don zai ce x² ba shi da ƙarfi tun asali. To a kawo x¹⁰.

A x = 10, x¹⁰ ya riga ya kai biliyan goma, 2ˣ kuwa yana 1,024. Wanda ya raba na farko da na biyu zai sami kusan miliyan goma. A x = 14 sakamakon rabawar ya haura miliyan goma sha bakwai da rabi. Duk wanda ya tsaya a nan da kalkuletarsa zai rantse cewa x¹⁰/2ˣ yana tafiya sama ne babu dawowa. Amma a 14 ɗin nan ne sakamakon ya kai ƙololuwarsa. A 15 ya ɗan sauko, daga nan kuma bai sake hawa ba. Tsakanin 58 da 59, 2ˣ ya kamo x¹⁰ ya wuce shi. A x = 100, x¹⁰ lamba ce mai 1 da sifili ashirin a bayanta, 2ˣ kuwa lamba ce mai gurbi talatin da ɗaya, ta ninka waccan fiye da sau biliyan goma sha biyu.

Dalilin wannan juyi ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne zuciyar batun gaba ɗaya. A duba abin da ke faruwa da kowannensu idan x ta ƙara taki ɗaya. 2ˣ yana ninkuwa biyu, ko x tana 5 ko tana miliyan biyar. Ribinsa ba ya canzawa. Shi kuwa x¹⁰, idan aka tashi daga x zuwa x + 1, ana ninka shi ne da (1 + 1/x)¹⁰. A farkon tafiya wannan ribi babba ne ƙwarai: daga 1 zuwa 2 ana ninka shi sau 1,024. Amma 1/x na ƙanƙancewa, ribin na raguwa. Daga 14 zuwa 15 ya riga ya faɗo ƙasa da 2 kaɗan. Daga 25 zuwa 26 kusan 1.48 ne. Daga 100 zuwa 101 kusan 1.10 ne kawai, kuma yana ci gaba da matsowa kusa da 1.

Yanzu a haɗa biyun. A kowane taki, sakamakon x¹⁰/2ˣ yana ninkuwa da ribin sama, sannan a raba shi biyu. Daga x = 25 zuwa gaba, ribin sama bai kai 1.5 ba, rabinsa bai kai kashi uku cikin huɗu ba. Ke nan kowane taki yana yanke aƙalla rubu'in abin da ya rage. Adadin da ake yanke wa rubu'i a kai a kai ba fashi, komai girmansa a farko, sai ya kusanci sifili. Miliyan goma sha bakwai ɗin can ba ta hana komai ba, ta dai jinkirta. Saboda haka maƙurar x¹⁰/2ˣ sifili ce.

Babu wani abu na musamman game da 10 ko 2 a wannan hujja. Ko da darajar ta zama dubu, ribin (1 + 1/x) da aka ninka sau dubu zai matso kusa da 1 idan x ta yi nisa. Ko da gindin ya zama 1.01, ribinsa yana nan daram a 1.01, kuma wata rana ribin folinomiyal zai faɗo ƙasa da shi. Sai dai jiran kan yi tsawo. A x = 1,000, 1.01ˣ bai kai dubu ashirin da ɗaya ba, alhali x² ya kai miliyan. Sai wajen 1,465 suke haɗuwa. A x = 2,000, 1.01ˣ ya wuce miliyan ɗari huɗu, x² yana miliyan huɗu. Wannan shi ne babban darasin da jadawalin lambobi ba ya iya koyarwa shi kaɗai: jadawali yana nuna abin da ya faru a inda aka duba, maƙura kuwa magana ce a kan abin da zai tabbata daga wani wuri zuwa har abada.

Waɗanda suka yi karatun kalkulas suna da wata gajeriyar hanya, wadda ake jingina wa Guillaume de l'Hôpital saboda ta fito a littafinsa na 1696, ko da yake Johann Bernoulli ne ya gano ta. Ana maye gurbin sama da ƙasa da saurin canjinsu. Ana yawan amfani da gindin e, lambar da ta kai kusan 2.718, saboda saurin canjin eˣ shi ne eˣ ɗin kansa. Shi kuwa x¹⁰, duk lokacin da aka ɗauki saurin canjinsa darajarsa na raguwa da ɗaya. Bayan zagaye goma, sama ya zama lamba tsayayyiya, 3,628,800, ƙasa kuma yana nan eˣ. Amsar dai ɗaya ce, sifili. Hanyar tana da kyau wajen jarrabawa, amma hujjar ribin taki ta fi ta nuna dalilin abin.

Logaridim, mai tafiyar da ba ta ƙarewa

Logaridim mai gindin 10 kusan ƙirga gurabun lamba yake yi. Na dubu 3 ne, na miliyan 6, na biliyan 9. Kafin ya ƙaru da ɗaya tak, sai an ninka x sau goma. Wannan jinkiri yana sa wasu su ɗauka cewa akwai wani rufi da logaridim ba zai wuce ba, kuma zanensa a takarda yana ƙarfafa wannan zato, don layin yana kwantawa kamar zai miƙe. Babu rufin. Wanda yake son logaridim ya kai 500, sai ya rubuta 1 ya bi ta da sifili ɗari biyar. Yana girma babu iyaka, a hankali ne kawai.

Amfanin wannan jinkiri a bayyane yake a aikin kwamfuta. Idan sunaye biliyan ɗaya suna jere bisa tsarin haruffa, ana iya gano kowane suna ta hanyar duba tsakiya, a jefar da rabin da ba ya ciki, a sake duba tsakiyar abin da ya rage. Raba biliyan gida biyu sau talatin ya isa a kai ga suna guda, domin log₂ na biliyan bai kai 30 ba. Idan sunayen suka ninka biyu, dubawa ɗaya ce kawai ke ƙaruwa.

Cewa x ta fi log x saurin girma ba abin mamaki ba ne. Abin da ya fi ƙarfi shi ne ko da an rage darajar x ta koma ɗan ƙaramin kaso, muddin ta wuce sifili, har yanzu ita ke gaba. A ɗauki x^0.1, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta sau goma za ta ba da x. Wannan ma mai jinkiri ne sosai: a x = 1,024 darajarsa 2 ce kacal, alhali log₂ x ya kai 10. A biliyan goma, x^0.1 ya kai 10, log₂ x ya wuce 33. Logaridim ne a gaba, da tazara.

Ba a bukatar sabuwar hujja. A sa wa log₂ x suna t, ke nan x = 2ᵗ. Tambayar ta koma gwada t da 2^(t/10). Idan aka ninka kowannensu da kansa sau goma, ana gwada t¹⁰ da 2ᵗ ne, wato ainihin tseren da aka gama kallo. An san 2ᵗ yana wucewa tsakanin 58 da 59. Don haka x^0.1 yana kamo log₂ x ne dab da x = 2⁵⁹, lamba mai gurbi goma sha takwas, daga nan kuma rabawar log₂ x da x^0.1 tana gangarawa zuwa sifili. Hukunce-hukuncen biyu ashe hukunci ɗaya ne: fifikon folinomiyal a kan logaridim shi ne fifikon esfonenshiyal a kan folinomiyal, an kalle shi ta ɗaya ɓangaren. Gindin logaridim kuwa bai canza komai a wannan jeri, domin log₂ x da log₁₀ x da ln x, mai gindin e, bambancinsu ninki ne da lamba tsayayyiya.

Idan iyalan suka haɗu a lissafi ɗaya

Ga misalin da ya tara dukansu:

(5·2ˣ + x¹⁰) / (3·2ˣ − x² + ln x)

Matakin farko shi ne a nemo mafi saurin girma a ƙasa. Akwai 2ˣ, akwai x², akwai ln x, kuma 2ˣ ne babba. A raba kowace gaɓa ta sama da ta ƙasa da shi. Sama ya zama 5 + x¹⁰/2ˣ. Ƙasa ya zama 3 − x²/2ˣ + (ln x)/2ˣ. An riga an nuna x¹⁰/2ˣ yana zuwa sifili, sauran biyun kuma sun fi shi saurin zuwa. Saura 5 a sama da 3 a ƙasa, maƙura 5/3. Wanda ya so ya tabbatar da kalkuleta ya sa x = 20 zai sami amsar da ta wuce miliyan uku, ya ɗauka ya yi kuskure. Bai yi ba, bai dai je da nisa ba. A x = 100, amsar ta dace da 5/3 har gurbi tara bayan ɗigo.

Tsakanin esfonenshiyal biyu, mai babban gindi ne ke gaba, kuma folinomiyal ba ya iya ceton na baya. A x¹⁰·2ˣ/3ˣ, rabawar 2ˣ da 3ˣ daidai take da raba 1 da 1.5ˣ, don haka lissafin ya koma x¹⁰/1.5ˣ, maƙurarsa sifili. Akwai ma waɗanda suka fi esfonenshiyal gudu, kamar n!, wato 1 sau 2 sau 3 har zuwa n, wanda ribin takinsa ƙaruwa yake yi kullum. Masanin lissafi na Ingila G. H. Hardy ya rubuta ɗan littafi sukutum a 1910 a kan jera irin waɗannan matakan girma, yana ɗorawa a kan aikin Bajamushe Paul du Bois-Reymond.

Logaridim yana kuma taimakawa idan x ta bayyana a gindi da sama lokaci ɗaya. A x^(1/x), gindi na girma yana jan amsa sama, lambar sama na ƙanƙancewa tana jan ta zuwa 1. Idan aka ɗauki ln na lissafin, ana samun (ln x)/x, wanda ke zuwa sifili. Lambar da logaridim ɗinta sifili ne ita ce 1, saboda haka maƙurar 1 ce. A x = 1,000 amsar kusan 1.007 ce.

Inda dabarar ke yaudara

Watsar da ƙananan gaɓoɓi halal ne a rabawa, amma ba a ko'ina ba. Wurin da aka fi faɗawa rami shi ne ɗebewa. A ɗauki √(x² + x) − x. Mai gaggawa zai ce x² ya fi x, a watsar da x ɗin, √(x²) ya zama x, a ɗebe x saura sifili. A gwada x = 100: √10,100 kusan 100.4988 ne, a ɗebe 100 saura 0.4988. Amsar tana dosar rabi ne, ba sifili ba. Abin da ya faru shi ne manyan gaɓoɓin biyu sun kashe juna, sai ƙaramar da aka raina ta zama ita kaɗai ke da magana. Gyaran shi ne a mayar da ɗebewar ta zama rabawa. Idan aka ninka da √(x² + x) + x aka kuma raba da shi, sama ya zama x² + x − x², wato x, ƙasa kuma kusan 2x, sai a sami 1/2. Alamar da ke tona wannan matsala ita ce ganin manyan gaɓoɓi biyu masu girma ɗaya da alamar ɗebewa a tsakaninsu.

Rami na biyu yana saman esfonenshiyal. Gaskiya ne x + 3 da x kusan ɗaya suke idan x ta yi girma, amma 2^(x+3) ya ninka 2ˣ sau takwas a kowane lokaci. Haka x² + x da x² rabawarsu na dosar 1, amma 2^(x²+x) da aka raba da 2^(x²) yana ba da 2ˣ, wanda ke tafiya babu iyaka. Abin da ake tarawa a sama ninki ne a ƙasa, don haka ba a taɓa gaɓar da ke zaune a can.

Akwai kuma lissafin da ke zuwa da rigar wani iyali. 2^(3·log₂ x) yana kama da esfonenshiyal, tun da 2 ce a gindi, amma logaridim da ke samansa ya warware shi, ainihinsa x³ ne. Wanda ya gwada shi da x⁵ ya ba shi nasara saboda kamanninsa ya yi kuskure, x⁵ ne ke gaba. Haka ln(2ˣ) ba mai jinkiri ba ne irin na logaridim, x ne da aka ninka da kusan 0.693. Kafin a yanke hukunci, sai an sauƙaƙa kowace gaɓa an ga ainihin iyalinta.

Sharuɗɗan hukuncin ma suna bukatar dubawa kowane lokaci. Gindin esfonenshiyal dole ya wuce 1. Idan 0.5 ne, 0.5ˣ raguwa yake yi, kuma yana raguwa da ƙarfin da zai ja kowane folinomiyal ƙasa tare da shi: x¹⁰·0.5ˣ shi ne dai x¹⁰/2ˣ. Dole kuma a lura da inda x ta dosa. Idan tana tafiya ɓangaren lambobin da ke ƙasa da sifili ne, x → −∞, to 2ˣ ne ke narkewa: a x = −20 bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba. A wannan hali, a lissafi kamar (2ˣ + x²)/(3x² + 1), gaɓar da za a raba kowa da ita x² ce, 2ˣ ne ɗan rakiya, maƙurar kuma 1/3. Lissafin nan ɗaya, idan x → +∞, yana haurawa babu iyaka. Logaridim kuwa ba ya shiga wannan ɓangaren sam, domin a cikin lambobin da ake aiki da su a nan, babu logaridim na lambar da ke ƙasa da sifili.